Farar Wayar Malam Musbahu

A unguwarmu, can bayan kamfanonin fata na Challawa, kusan kowane gida da rijiyarsa, amma ba mai shan ruwanta. Ruwan yana da zartsi da wani wari-wari, sabulu ba ya kumfa a cikinsa, idan kuma ka daɗe kana wanke-wanke da shi sai hannunka ya fara tsagewa. Abin da ya riƙe mu shi ne bohol guda ɗaya da ke gefen masallaci, wanda ya nutsa can ƙasa ya samo ruwa mai daɗi. Fanel takwas na sola ke ba shi wuta. Ranar da ya tsaya kuwa, sai dai jiran 'yan ga-ruwa daga Fanshekara, su kuma sai sun gama da na kusa da su sannan su tuna da mu.

Wanda zan ba da labarinsa mijin yayata ne, Malam Musbahu. Ni sunana Nura, ina aikin shifti a wani kamfanin roba a Sharaɗa, kuma a shagon ƙofar gidansu nake kwana, don haka ba a bakin wani na ji ba.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Ya shigo Kano da ƙuruciyarsa, ya samu shara a wata masaƙa a Bomfai, daga shara ya koma riƙe wa mai gyaran wuta tsani, daga nan ya zama shi ne mai gyaran. Shekara goma sha tara ya yi a ciki. Wata Litinin suka je suka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne, shi ke nan. Ya yi wayarin na gidaje a Ɗorayi, ya yi gadin sito a Dakata na 'yan watanni, ya bari saboda ƙurar tireloli ta kusa kama masa ƙirji. Daga baya ya bi wasu masu ɗora sola a kan rufin kamfanoni, ya shekara huɗu yana hawa kwano da tsakar rana har fatar gwiwarsa ta yi kanta. Daga masaƙar nan abu ɗaya ya fito da shi, wata 'yar wuƙar fere waya mai baƙar ƙota, kullum tana aljihun gaban rigarsa, ko ɗaurin aure za shi.

Ba shi da yawan magana, kuma ba ya son a tambaye shi abu sau biyu. Idan ya ce maka waya ba ta da kyau ka ce me ya sa, sai ya dube ka kamar ka zagi mahaifinsa.

Yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ke yi masa dariya a kai. Duk kayan aikin da ya shigo kasuwa sabo, ba ya yarda da abin da aka rubuta a jikinsa. Sai ya yanki guntu ya ɗaure a kan rufin ɗakinsa, ya bar shi shekara guda, rana ta dake shi, ƙura ta rufe shi, ruwan sama ya wanke shi. Guntayen waya kala-kala, robar ɗaure waya fara da baƙa, gutsuren ƙarfen angul mai fenti, gutsuren galbanais, wato ƙarfen da aka tsoma a narkakken zinki don kada ya yi tsatsa, notuna a jere a jikin igiya. Matarsa, Yaya Zaituna, tana kiran wurin shanyar Malam. Ni kuwa nakan ce masa, "Malam, yaushe za a sauke kilishin nan mu ci?" Ba ya dariya. Bayan sallar asuba yakan hau tsani ya lanƙwasa wannan, ya murza wancan, ya sauko yana goge hannu.

A wurinsa na san cewa iskar unguwarmu ba irin ta ko'ina ba ce. Warin nan kamar na ruɓaɓɓen ƙwai da ke tasowa daga magudanar kamfanonin fata, wanda mu mun daina ma jin sa, shi yake baƙanta jan ƙarfe idan yana tsirara. Fentin da zai shekara biyar a Ɗorayi, a nan damina biyu ya kumbura. Farar robar ɗauri kuwa, rani ɗaya ta bushe, ka taɓa ta ta karye kamar taliyar da ba a dafa ba.

Aikin farko na bohol ɗin nan, waɗanda suka haƙa shi ne suka ɗora, kuma da angul mai fenti suka yi. Shekara uku ya yi. Iskar farkon damina ta zo ta tarar da tsatsa ta cinye gindin notunan, ta ɗaga fanel biyu ta kifa su a kan katangar masallaci. Unguwa ta haɗa hannu a sayi sababbi a sake aikin gaba ɗaya, kuma ba wanda ya yi gardama da aka ce a ba Malam Musbahu.

Ban taɓa ganin sa da karsashi irin na satin nan ba. Kwana uku yana yawo tsakanin Sabon Gari da wani sito a Sharaɗa. Ya zaɓo galbanais mai kauri, ya ce ba za a yi masa walda ba ko ɗigo ɗaya, domin wutar walda tana ƙone rufin zinkin, tsatsa kuma daga nan take shiga. Ɗaure shi za a yi da noti, inda aka huda a shafe da fentin zinki. Ya samo notunan sitenles waɗanda ba sa tsatsa, don kada su ci gefen alminiyon na fanel. Ya zana a ƙasa da tsinke yadda zai karkata fanel ɗin su dubi kudu, karkacewar da za ta ishi ruwa ya gangara da ƙura, a kuma bar ƙasansu a buɗe iska ta riƙa ratsawa, don fanel idan ya yi zafi sosai wutarsa raguwa take yi. Sai kuma waya, naɗi biyu, ja da baƙa, mai riga biyu, irin wadda guntunta ya shekara biyu a kan rufinsa bai ko dushe ba.

Ranar Asabar bayan la'asar aka baje kayan a kan tabarma a ƙofar masallaci don 'yan kwamitin unguwa su gani. Shugabansu Alhaji Idrisu ne, dattijo mai sayen tsofaffin ƙarafa. Shekararsa talatin yana auna jan ƙarfe a sikeli, kuma an cuce shi sau ba adadi da wayar da ake shafa wa ja a sama alhali cikinta alminiyon ne. Shi dai a wurinsa magana ɗaya ce: ja na kirki, fari jabu. Mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi ba. Ya ɗauki bakin wayar, ya sa filaya ya zare rigar, sai ga silalan ciki farare tas suna ƙyalli.

Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Malam Musbahu, wannan fa?"

"Wayar sola ce, Alhaji."

"Na ga waya ce. Ina jan?"

"Haka take zuwa."

"Haka take zuwa," Alhaji ya maimaita, ya juya wajen mutane. "Jama'a, ni dai da idona nake cin abinci. Wannan ko a buhu aka kawo min ita, layin alminiyon zan jefa ta. Ban ce ka ci amana ba, Malam. Wataƙila kai ma cutar ka aka yi."

Wani daga baya ya ce, "Ko kuma dai an raba." Aka yi 'yar dariya, ba da yawa ba, amma an yi.

Ina kallon Malam Musbahu. Hannunsa ya tafi aljihun gaban rigarsa, ya tsaya a kai, ya dawo. Ya durƙusa ya fara naɗe wayarsa a hankali, zagaye bayan zagaye, kamar ba mutane a wurin. Liman ya ce, "Haba Malam, yi mana bayani mana." Ya ce, "Allah ya ba ku wanda kuka yarda da shi." Ya kira mai Adaidaita aka kwashe kayan, washegari ya mayar da na mayarwa. Wayar ce kawai mai shagon ya ƙi karɓa tunda an yanki bakinta, Malam ya biya kwamiti kuɗinta daga aljihunsa ya tura ta ƙarƙashin gado.

Ni ma ina wurin ban tsaya masa ba, domin gaskiya ni ma farin na gani, kuma zuciyata ta ɗan yi rawa.

Aka ba wani Bashir, mai walda a bakin titi wanda ya iya haɗa wuta daidai gwargwado. Ya yi iya abin da ya sani. Ya ƙera angul ya shafe shi da shuɗin fenti mai kyau, ya kwantar da fanel ɗin kusan a shimfiɗe, ya kawo waya irin ta cikin gida wadda Alhaji ya zare ya ga ja jawur ya yi hamdala. Ya ɗaure ta tsaf-tsaf da farar roba. Aiki ya yi kyau a ido, ruwa ya zo, mata suka yi guɗa.

Kullum sai Malam Musbahu ya wuce ta ƙarƙashin fanel ɗin nan sau biyar, hanyar masallaci ce. Yakan ɗaga kai ya duba, ya sauke. Da yamma idan muna zaune a dakali sai ya riƙa ba ni labari kamar mai karanta jarida.

"Robar ɗaurin ta fara karyewa. Uku na ƙirga."

Bayan wata biyu: "Wayar ta sauko tana gogar bakin ƙarfe. Jar rigarta ta koma ruwan hoda."

Wata rana kuma: "Ka lura tanki ba ya cika kafin azahar yanzu? Laka ta daskare a gindin fanel, ba ta da hanyar gangarawa."

Na ce, "To Malam, ku gaya musu mana."

"Sun tambaye ni?"

"Ai ba sai sun tambaya ba. Mu ma ruwan muke sha."

"Suna da mai ido."

Abin ya riƙa ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Mutum yana kallon abu yana mutuwa a hankali, ya san ciwon, ya san maganin, maganin ma yana ƙarƙashin gadonsa, amma yana ƙirga kwanaki. Ba mugunta ba ce. Gajiya ce ta wanda ya yi shekaru yana aiki tsakani da Allah, aka rufe masa ƙofa da kwaɗo ba ko sannu, sannan a tsufansa aka ce ya rantse a kan waya. Na fahimce shi, amma fahimtar ba ta rage min haushin ba.

Wata goma aikin ya yi. A tsakiyar bazara, ranar da ko ƙadangare ba ya hawa kwano, wajen ƙarfe ɗaya aka ji ƙauri. Akwatin kwantirola da ke sarrafa wutar injin ya yi baƙi daga inda wayar ta shiga, robar ta narke ta ɗiɗɗiga. Famfo ya yi tari biyu ya yi shiru.

A nan ne zan kawo Yaya Zaituna, domin ita abin ya faɗa wa. Shinkafa da wake take dafawa, da taliya da manja, a kai bakin wani kamfanin buhu inda leburori ke fitowa hutun rana. Tun rufe masaƙa wannan tukunyar ce ba ta taɓa yin fashi a gidan ba. Jarka goma take sha a rana, tsakanin girki da wanke kwanuka sittin da wani abu. Da bohol ya tsaya, 'yan ga-ruwa suka zama sai an bi su da roƙo, ranar da aka yi sa'a ta samu jarka huɗu. Sai ta ware na daɗin don girki da sha, wanke-wanke kuma ta koma rijiyar tsakar gida.

Sati na farko hannunta ya yi fari. Sati na biyu ya tsattsage tsakanin yatsu. Sati na uku tana ɗaure su da tsumma, idan manja da yaji suka taɓa wurin sai ka ga ta runtse ido ta ci gaba da zuba abinci. Ba ta yi ƙorafi ba, ita ma irin mijinta ce ta wannan wajen, a gidan nan kowa da nasa shirun. Da magariba takan zauna ta shafa man kaɗanya, Malam yana gefe a kan buzu yana jan carbi, yana kallon ƙofa.

Kwamiti suka kira Bashir, ya ce kwantirola ce ba ta da kyau. Aka sayo wata, ya ɗaura a kan tsohuwar wayar, ta yi kwana shida bakinta ya sake yin baƙi, Allah ya sa aka kashe da wuri. Sai da aka cika sati biyar cif sannan Alhaji Idrisu ya yi sallama a ƙofar gidanmu, shi da liman, bayan sallar asuba.

"Malam Musbahu, mun zo ne ka duba mana. Abin ya fi ƙarfinmu."

Malam bai ja rai ba, wannan kam na ba shi. Ya shiga ya jawo naɗin wayarsa daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe ƙura, muka tafi. Kafin mu isa mutane sun taru, har da masu shirin tafiya shiftin safe da kwanon abincinsu a hannu.

Ya hau tsani ya yanko guntun wayar Bashir. Ya lanƙwasa ta sau ɗaya, rigar ta dare ta zube. Sannan ya zaro 'yar wuƙarsa, ya ware sili ɗaya ya kankare, ya miƙa wa Alhaji.

"Duba, Alhaji."

Jan ya tafi, ƙarƙashinsa fari fat. Alhaji ya juya silin a tafin hannunsa, ya ce, "Innalillahi. Ni aka yi wa wannan?"

Malam ya ɗauki bakin tasa wayar, wanda filayar Alhaji ta zare tun bara, ya ware sili ɗaya ya kankare. Farin ya tafi, ƙarƙashinsa ja.

"Wannan jan ƙarfe ne zalla. Farin da kuka gani kuza ce aka shafa masa don iskar waje kada ta ci shi, balle irin tamu. Waccan kuwa alminiyon ce aka yi wa kwalliya. Ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kuma idan aka matse ta da noti, zafi da sanyi suna sa ta saki. Da ta saki sai wurin ya ɗau zafi, wuta ta fara tsalle. Wutar sola kuwa idan ta fara tsalle ba ta saurin mutuwa, sai ta ci abin da ke kusa. Ko da ta kirki ce ma, rigarta ta cikin ɗaki ce, ba a yi ta don rana ba."

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Duk kankarewar nan biyu ba ta kai minti ɗaya ba.

Alhaji Idrisu ya cire hularsa ya mayar. Ya ce a gaban kowa, "Na zalunce ka, Malam. Ka yafe ni." Wanda ya ce an raba ya sulale ta bayan masallaci. Malam ya ce ba komai. Kwana biyu muka yi muna aiki, ya sauya wayar duka, ya ɗaure ta da baƙar roba ta bi ƙarƙashin inuwar fanel ba ta taɓa bakin ƙarfe, ya ƙara ƙafafun ƙarfe ya ɗaga bayan fanel ɗin suka karkata. Angul ɗin kuwa, ya ce zai kai ƙarshen damina, daga nan dole a sauke shi a sa galbanais, kuma wannan karon ba wanda ya ce me ya sa. Ranar Laraba da hantsi ruwa ya zubo.

Malam ya dawo gida da la'asar yana tafe kamar an sauke masa buhu. Har tsokanata ya yi, ya ce in zo in ci kilishin. Yaya Zaituna tana tsugune a bakin rijiya da sauran kwanukan rana, don layin famfo ya kai bakin titi, ba ta samu shiga ba tukuna. Ya tsaya a kanta yana ba ta labari, yadda Alhaji ya cire hula, yadda ya ce a yafe shi, yadda sili ya nuna ja.

Ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Malam, wuƙar da ka kankare da ita, sabuwa ka saya?"

"Wace sabuwa? Tawa ce ta masaƙa."

"Ranar da suka ce jabu ce, tana ina?"

Hannunsa ya tafi aljihun gaban rigarsa ya tsaya a kai, kamar ranar nan.

Ta ce, "Na ɗauka ko a gida ka manta ta." Ta kwance tsumman hannunta na dama, wanda ya jiƙe ya manne, ta matse shi, ta sake naɗawa da haƙori da ɗaya hannun. Ta jawo kwano na gaba.

Malam ya juya. Sannan ya shiga zaure ya ɗauko jarka biyu, ya fita. Na leƙa ta ƙofar shago na hango shi a can ƙarshen layi, bayan mata da 'yan ga-ruwa. Mutane suna ta ce masa ya wuce gaba, ai shi ya gyara, ya girgiza kai ya tsaya inda yake.